Yadda ake yanka takardun kamfani a zaƙulo sassansu domin amsa tambayoyi bisa hujja

Samfurin harshe, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambayoyi, bai san abin da ke cikin fayilolin kamfaninku ba, kuma idan aka tambaye shi game da su ba tare da an miƙa masa rubutun ba, zai iya tsara amsa mai daɗin karantawa wadda ba ta da tushe. Hanyar da aka fi bi wajen magance wannan ita ce a yayyanka takardun zuwa ƙananan gutsattsari, a adana su a rumbun da za a iya bincikawa, sannan duk lokacin da tambaya ta zo a zaƙulo gutsattsarin da suka dace da ita a ɗora su gaban samfurin, a umarce shi ya amsa daga cikinsu kaɗai. Masu aikin suna kiran tsarin RAG, sunan da ya bazu bayan wani binciken da masana na sashen bincike na Facebook suka wallafa a 2020. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ingancin amsar ya rataya ne a kan gutsuren da aka miƙa: idan gutsuren ya rabu da sharaɗinsa, ko ya fito daga tsohon bugu, samfurin zai yi kuskure yana mai cikakken tabbaci, har ya nuna shafin da ya ɗauko kuskuren.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ɗauka wani kamfani yana da kundin ƙa'idojin ma'aikata mai shafi 60 a fayil ɗin PDF. Babi na 7 yana magana kan hutun shekara. Sashe na 7.2 ya ce ma'aikaci yana da kwana 24 a shekara, sashe na 7.3 ya ce zai iya ɗaga har kwana 5 zuwa shekara mai zuwa muddin ya ci su kafin ƙarshen Maris, sashe na 7.4 kuma ya ce: "Wannan tanadi bai shafi ma'aikatan kwantiragi ba." Tambayar da za mu gwada tsarin da ita ta fito ne daga ma'aikacin kwantiragi: "Kwana nawa zan iya ɗagawa zuwa baɗi?" Amsa ta gaskiya ita ce ko ɗaya ba zai ɗaga ba, kuma duk aikin da ke ƙasa an yi shi ne domin tsarin ya kai ga wannan amsa maimakon ya ce kwana 5.

Mataki na farko: fitar da rubutu da tsabtace shi

Kafin a yi maganar yanka, sai an fitar da rubutun daga fayil, kuma a nan ne ake tafka ɓarnar da ba a lura da ita sai an yi nisa. Fayil ɗin PDF ba ya adana sakin layi yadda ido ke ganinsa; abin da ya adana shi ne haruffa da wuraren da za a zana su a shafi. Saboda haka shafi mai ginshiƙai biyu kan fito a cakuɗe, layin hagu ya manne da layin dama, sunan kamfani da lambar shafi da ke saman kowane shafi su kutsa tsakiyar jimla, kalmar da aka raba da karan ɗori a ƙarshen layi ta zama kalmomi biyu marasa ma'ana. Idan kuma takardar hoto ce da aka ɗauka da na'urar sikana, babu rubutu a cikinta sam sai an bi ta da manhajar OCR mai karanta haruffa daga hoto, wadda ita ma takan rikita 1 da l, ko 0 da O, abin da ke da haɗari a takardar da lambobi ne jigonta.

Shawarata ita ce, kada a wuce wannan mataki sai mutum ya buɗe rubutun da aka fitar daga shafuka goma zuwa ashirin ya karanta da idonsa, yana kwatantawa da asalin. Ya zaɓi shafuka masu wahala da gangan: mai jadawali, mai ginshiƙai biyu, mai bayanin ƙasan shafi. Layukan da ke maimaita kansu a kowane shafi a cire su. A daidaita haruffa zuwa siga ɗaya ta Unicode, kamar NFC, domin harafi mai alama a kansa yana iya zuwa a siga biyu waɗanda ido ke gani iri ɗaya amma kwamfuta ta ɗauke su daban. Idan akwai asalin takardar a Word ko HTML, shi ya fi dacewa a yi aiki da shi, domin taken babi da na sashe suna nan a matsayinsu na take, kuma za mu buƙace su nan gaba kaɗan.

Mataki na biyu: yanka

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirga haruffa dubu ɗaya a yanke, a sake ƙirgawa a yanke. A gwada ta a kan kundinmu a ga abin da zai faru. Wuƙar ba ta san inda sashe ya ƙare ba, don haka tana iya faɗawa daidai bayan 7.3. Gutsure na farko zai ƙunshi kwana 24 da ɗaga kwana 5, na biyu kuma zai fara da "Wannan tanadi bai shafi ma'aikatan kwantiragi ba" ya zarce zuwa maganar hutun jinya. Da tambayar ta zo, gutsure na farko ne zai fito a sama, tunda shi ke maganar ɗaga kwanaki. Na biyu ba shi da kalmar hutun shekara ko ɗagawa a cikinsa, kuma "wannan tanadi" ba ya nuna komai ga wanda bai ga abin da ya gabata ba. Samfurin zai ce kwana 5, ya kafa hujja da 7.3, kuma duk wanda ya duba hujjar zai ga ta yi daidai da amsar. Irin wannan kuskure ya fi ƙirƙirar ƙarya muni, domin yana tafe da shaida.

Ƙa'idar da nake bi ita ce a yanka a gaɓoɓin da marubucin takardar ya riga ya yi. A fara rabawa babi babi, sannan sashe sashe. Idan sashe ya fi girman da ake so, a raba shi a kan sakin layi. Sai idan sakin layi ɗaya ya yi tsawo ƙwarai ne za a sauka zuwa jimloli. Ba a yanka a tsakiyar jimla. Ƙananan sassa da ke ƙarƙashin take ɗaya kuma a tara su wuri guda har su kusa cika ma'auni, wanda a misalinmu yana nufin 7.2 da 7.3 da 7.4 su zauna a gutsure ɗaya, ƙa'ida tare da togaciyarta.

Girman gutsure da tokin ake auna shi, wato guntayen kalmomin da samfuri ke karya rubutu zuwa gare su, kuma iyakar farko da za a duba ita ce ta samfurin da zai mayar da gutsuren zuwa lambobi domin bincike. Samfurin `all-MiniLM-L6-v2`, wanda mutane da yawa ke fara gwaji da shi, yana yanke rubutu a tokin 256. Samfura da dama da aka gina a kan BERT suna tsayawa a 512. Abin da ya wuce iyakar ana zubar da shi ne shiru, ba tare da wani gargaɗin da zai tsayar da aiki ba, ta yadda mutum zai iya adana gutsure mai tokin 800 yana zaton duka ana bincikensa, alhali kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya shiga. A kuma yi ƙirgar da manhajar tokin ta wannan samfurin kansa, kada a yi kirdado daga adadin kalmomi, domin harshen da rubutunsa bai yi yawa a cikin abin da aka horar da samfurin da shi ba yakan cinye tokin fiye da Turanci a kan kalmomi masu adadi ɗaya.

A cikin wannan iyaka akwai ja-in-ja tsakanin abu biyu. Ƙaramin gutsure yana magana a kan abu ɗaya, saboda haka yana da sauƙin samu, amma yakan rasa mahallinsa. Babban gutsure yana riƙe mahalli, amma ya haɗa batutuwa uku ko huɗu, ma'anarsa ta zama gauraye da bai yi kama sosai da kowace tambaya ba. Ga takardun ƙa'idoji da jagororin aiki, tokin 200 zuwa 400 wuri ne mai kyau na farawa idan samfurin yana ɗaukar haka, amma mafari ne kawai. Gwajin da za mu zo kansa shi zai yanke hukunci.

Akwai dabaru biyu da ke rage illar yanka. Ta farko ita ce maimaici a gefe: ƙarshen gutsure ya sake bayyana a farkon na gaba da shi, kamar sakin layi ɗaya ko kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na girman. Tana taimakawa, amma ba ta kai darajar da ake ba ta ba, kuma idan ta yi yawa sai sakamakon bincike ya cika da gutsattsari masu kama da juna waɗanda suka hana wasu wuri. Ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace amfani idan aka duba arharta, ita ce a liƙa wa kowane gutsure jerin takensa a samansa kafin a adana shi, kamar haka: "Kundin ma'aikata, bugun 2024, Babi na 7: Hutun shekara, 7.4". Da wannan layi guda, ko da 7.4 ya tsinci kansa shi kaɗai, yanzu yana ɗauke da kalmomin hutun shekara tare da ma'aikatan kwantiragi, kuma tambayarmu za ta iya kai wa gare shi.

```python
def yanka(sakin_layuka, take, kirga, iyaka=300):
    fita, tari = [], []
    for s in sakin_layuka:
        if tari and kirga("\n".join([take] + tari + [s])) > iyaka:
            fita.append("\n".join([take] + tari))
            tari = tari[-1:]
        tari.append(s)
    if tari:
        fita.append("\n".join([take] + tari))
    return fita
```

Ana kiran wannan aiki sau ɗaya ga kowane babi ko babban sashe, ta yadda gutsure ba zai taɓa tsallake iyakar babi ba. `kirga` shi ne aikin ƙirga tokin na samfurin, layin `tari[-1:]` kuma shi ke riƙe sakin layi na ƙarshe domin maimaici. Ba ya raba sakin layin da shi kaɗai ya fi iyaka, kuma maimaicin kansa na iya sa wani gutsure ya haura, don haka bayan an gama a ƙirga tokin na duk abin da ya fito, a ware waɗanda suka wuce a raba su a kan jimloli.

Jadawali yana buƙatar kulawa ta daban. Layin jadawali da ke cewa "Mataki na 3, 28, 7" ba shi da ma'ana idan ya rabu da layin sama da ke faɗin me kowane ginshiƙi yake nufi. Ƙaramin jadawali a bar shi ɗungurungum a gutsure ɗaya. Babba kuma a raba shi layi layi ko rukuni rukuni, a maimaita kanun ginshiƙan a kowane yanki, ko a mayar da kowane layi cikakkiyar jimla: "Ma'aikacin mataki na 3 yana da hutun kwana 28, yana iya ɗaga kwana 7."

Kowane gutsure kuma a adana shi da bayanan asalinsa a filaye na daban: sunan fayil, shafi, lambar sashe, ranar bugu, ko bugun yana aiki ko an soke shi, da rukunin mutanen da aka yarda su karanta shi. Waɗannan bayanai ba su da wahalar tarawa a lokacin yanka, amma ƙara su daga baya yana nufin sake aikin gaba ɗaya.

Mataki na uku: fihirisa iri biyu

Akwai hanyoyi biyu na neman gutsure, kuma kowace tana gani inda ɗayar ke makancewa. Ta farko ita ce binciken ma'ana. Samfuri na musamman yana karanta gutsure ya fitar da jerin lambobi da ake kira bekta, lambobi 384 a samfurin da muka ambata, ta yadda rubuce-rubuce masu ma'ana kusa da juna za su sami bektoci masu fuskantar kusan waje ɗaya. Ana mayar da tambaya bekta da wannan samfurin, sannan a auna kusancinta da kowane gutsure ta hanyar kosain na kusurwar da ke tsakaninsu. Amfaninta shi ne, wanda ya rubuta "ragowar hutuna" zai iya samun sashen da ya ce "kwanakin da ba a ci ba". Sharuɗɗa biyu ne ba a sassauta su: samfuri ɗaya tak ake amfani da shi ga gutsattsari da tambayoyi, kuma duk ranar da aka canza shi sai an sake lissafa bektocin rumbun duka. Wasu samfura ma suna da buƙatu nasu. Dangin E5 suna son a fara tambaya da `query: ` a fara gutsure da `passage: `, kuma mantawa da hakan yana rage inganci ba tare da wata alama ba. Idan takardun da tambayoyin ba a harshe ɗaya suke ba, a zaɓi samfuri mai harsuna da yawa, a kuma gwada shi da ainihin harshen ma'aikatan kafin a dogara da shi.

Hanya ta biyu ita ce binciken kalmomi, wanda sanannen ma'auninsa shi ne BM25, da aka samar tun shekarun 1990 kuma har yau shi ne tsoho mai ran ƙarfe a manhajoji irin su Elasticsearch. Yana ba da maki mai yawa ga kalmar da ba kasafai take fitowa a rumbun ba, yana kuma rage tasirin tsawon gutsure. Shi ke ceton tsarin idan aka tambayi lambar fom, lambar kayan gyara, gajarcen suna na cikin gida ko "sashe na 7.4", abubuwan da bekta ke yawan ɗauka kusan ɗaya ne da 'yan'uwansu. Takardun kamfani cike suke da irin waɗannan, shi ya sa ba na ba da shawarar a tsaya ga bekta kaɗai.

Game da rumbu, kada a ɗora wa kai nauyin da bai zo ba. Kundinmu mai shafi 60, idan kowane shafi na da kalmomi kusan 400, zai ba da gutsattsari ɗari da 'yan kai. Ko da kamfani ya tara gutsattsari 100,000, bekta mai lambobi 384 tana cin bayit 1,536, jimla kusan megabayit 154, wanda kwamfuta ɗaya za ta iya bi ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Fihirisar kirdado irin HNSW, wadda ke sadaukar da ɗan daidaito domin gudu, sai adadin ya yi yawa sosai take zama dole. Wanda ke da rumbun bayanai na PostgreSQL zai iya ƙara masa pgvector, wanda ke ba shi damar adanawa da neman bektoci, ya yi aikinsa:

```sql
SELECT id, rubutu FROM gutsattsari
WHERE yana_aiki AND rukuni = ANY($2)
ORDER BY bekta <=> $1
LIMIT 30;
```

Alamar `<=>` tazarar kosain ce tsakanin bektar gutsure da ta tambaya, wato `$1`, mafi ƙanƙanta shi ne mafi kusa. Layin `WHERE` kuwa yana ɗauke da abubuwa biyu masu nauyi. Na farko, yana fitar da tsofaffin bugu: idan kundin 2021 ya ce kwana 10 ake ɗagawa, na 2024 ya ce 5, bektocinsu kusan tagwaye ne, kuma babu abin da zai sa binciken ma'ana ya fifita sabon. Na biyu, yana tabbatar da cewa mai tambaya bai ga takardar da ba a yarda ya gani ba, kamar jadawalin albashi. Wannan tacewa dole ta faru a rumbu kafin rubutun ya isa ga samfurin amsa. Umartar samfurin da kada ya faɗi abin da aka riga aka nuna masa ba tsaro ba ne. A lura kuma cewa idan aka sa fihirisar HNSW, tacewar na iya zuwa bayan an ɗebo 'yan takara, sai a sami sakamako ƙasa da 30 da aka nema, don haka a duba adadin da ke dawowa.

Mataki na huɗu: haɗa sakamako da sake jerawa

Yanzu muna da jeri biyu, kowane da gutsattsari 30, kuma makinsu ba a ma'auni ɗaya yake ba, saboda haka ba a tara su kai tsaye. Hanya mai sauƙi da aka gabatar a 2009, mai suna RRF, tana watsi da makin ta dubi matsayi kawai:

```
maki(g) = Σ 1 / (60 + matsayi)
```

A ce gutsuren 7.2 zuwa 7.4 ya zo na 3 a jeri biyun: makinsa 1/63 sau biyu, wato 0.0317. Wani gutsure kan kwantiragin 'yan kwangila ya zo na 1 a binciken kalmomi, na 8 a na ma'ana: 1/61 da 1/68, wato 0.0311. Wani kuma kan hutun jinya ya zo na 2 a binciken ma'ana amma bai fito a ɗayan ba: 1/62, wato 0.0161. Gutsuren da hanyoyi biyun suka yarda da shi ya hau sama, ko da yake babu inda ya zo na ɗaya, kuma wannan shi ne halin da ake so.

Bayan haka, idan ana iya jure ɗan ƙarin jinkiri, a miƙa gutsattsari 20 zuwa 30 na sama ga samfurin sake jeri, wanda ke karanta tambaya da gutsure tare a lokaci guda ya ba su maki. Ya fi bekta kaifi domin yana ganin yadda kalmomin ɓangarorin biyu suka haɗu, amma yana da nauyi, shi ya sa ba a sake shi a kan rumbu duka. Daga abin da ya jera a ɗauki huɗu zuwa shida. Zuba gutsattsari hamsin a gaban samfurin amsa da fatan zai tsinci na daidai ba dabara ba ce. Wani bincike na 2023 ya nuna cewa samfura sun fi amfani da bayanin da ke farko ko ƙarshen dogon rubutu fiye da wanda ya nutse a tsakiya. Idan gwaji ya nuna ƙananan gutsattsari sun fi samuwa amma amsa na rasa mahalli, akwai mafita: a yi bincike da ƙaramin, sannan a miƙa wa samfurin dukan sashen da ya fito daga ciki.

Mataki na biyar: miƙa wa samfurin amsa

A sa wa kowane gutsure lamba da takensa, sannan a rubuta umarni a fili: ya amsa daga waɗannan sassa kaɗai, ya ambaci lambar sashen da kowace magana ta dogara a kai, idan sassan sun saɓa wa juna ya faɗi saɓanin, idan kuma amsar ba ta cikinsu ya ce bai samu ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci domin bincike ba ya dawowa hannu rabbana. Ko an tambayi abin da babu shi a takardun, zai kawo mafi kusa da ya samu. Ana iya sa wata iyakar maki a samfurin sake jeri wadda ƙasa da ita tsarin zai ce babu amsa, amma a samo iyakar daga gwaji a kan takardun kamfanin, domin makin da ke nufin kusanci a wani samfuri ba shi ne a wani ba. A misalinmu, amsar da muke jira ita ce: ɗaga kwana 5 na sashe na 7.3 bai shafi ma'aikatan kwantiragi ba, bisa sashe na 7.4, tare da mahaɗin da zai buɗe shafin domin mai tambaya ya gani da idonsa.

Mataki na shida: gwaji da gano inda matsala take

Babban kuskuren da na fi gani shi ne a riƙa gwada tsarin ta hanyar karanta amsoshinsa kawai, a ga wata ba daidai ba, a koma ana ta gyara kalmomin umarni, alhali gutsuren da ake buƙata bai taɓa isa gaban samfurin ba. A raba gwajin gida biyu. A tattara tambayoyi kusan hamsin na gaske daga waɗanda ma'aikata ke yi, da irin kalmominsu da kurakuran rubutunsu, a sa wanda ya san takardun ya rubuta sashen da ke ɗauke da amsar kowace. A haɗa da tambayoyi masu togaciya irin tamu, da masu lambobin fom, da 'yan kaɗan da ba su da amsa a takardun ko kaɗan. A rubuta amsar da lambar sashe ko shafi, ba da lambar gutsure ba, domin lambobin gutsattsari suna canzawa duk lokacin da aka sake yanka.

Daga nan a auna abu ɗaya: a cikin tambayoyi nawa ne sashen da ya dace ya fito a cikin biyar na sama? Idan 38 ne cikin 50, kashi 76 cikin ɗari ke nan, kuma sauran 12 su ne abin karatu, ɗaya bayan ɗaya. Ga kowace a fara neman jimlar amsar a rumbu da bincike na zahiri. Idan babu ita, ko ta fito a cakuɗe, laifin na fitar da rubutu ne. Idan tana nan amma an raba ta da sharaɗinta, ko ta faɗa bayan iyakar tokin, laifin na yanka ne. Idan gutsuren lafiyarsa ƙalau amma bai shiga 30 na farko ba, a duba ko mai tambaya ya yi amfani da kalmar da takardar ba ta amfani da ita, ko tacewa ta fitar da shi bisa kuskure. Idan ya shiga 30 amma bai kai biyar ba, aikin na sake jeri ne. Sai wanda ya shiga biyar ɗin kuma amsa ta fito ba daidai ba ne ya cancanci a taɓa umarni ko a canza samfurin amsa.

Da wannan jerin tambayoyi ne ake warware gardamar girman gutsure: a yanka a tokin 150, a 250, a 400 idan samfurin na ɗauka, a auna kowane, ana canza abu ɗaya kawai a lokaci guda. A tuna cewa a tambayoyi hamsin, kowace ɗaya maki biyu ce cikin ɗari, don haka bambancin tambaya ɗaya ko biyu bai isa hujjar canza tsari ba.

Takardu kuma ba sa tsayawa yadda suke. Ranar da aka fitar da sabon bugun kundin, a goge duk gutsattsarin da ke ɗauke da sunan tsohon fayil ko a mayar da `yana_aiki` ɗinsu zuwa `false`, a yanka sabon a shigar, a fihirisar bekta da ta kalmomi duka biyun, sannan a sake gudanar da tambayoyin hamsin bayan an gyara lambobin sassan da suka sauya. Adana sa hannun lissafi na kowane fayil, kamar SHA-256, yana ba da damar gane waɗanda suka canza a sake su kaɗai. Haka ma idan aka goge fayil daga ma'ajiyar kamfani ko aka sauya waɗanda ke da izinin karanta shi: sai canjin ya bi gutsattsarinsa har cikin rumbu, in ba haka ba tsarin zai ci gaba da kafa hujja da sashe na 7.3 na bugun da aka soke tun bara.